GUDUN INTANET NAWA GIDA ƊAYA YAKE BUƘATA? GA LISSAFIN GIDANA

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, wanda yake sauri ya ajiye shi sai ya samu zama.

Tun watan Janairun 2025 da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin 100, maganar data ta shiga sahun maganar shinkafa da kuɗin makaranta a gidajenmu. Mu ma'aikata da albashinmu yake a ƙirge mun fi kowa jin abin a jiki. Daga nan Hayin Banki zuwa Kawo, ka tsaya a shagon waya ko ɗaya za ka ga kwalayen rauta a jere, kowanne da lambar gudu a jikinsa, wannan ya fi wancan. Mutum zai ciro kuɗi mai kauri ya saya, ya kai gida, da dare ya yi kuma taron ofis ya riƙa tsinkewa kamar yadda yake yi tun farko. Wani kuma yana biyan kuɗin gudun da gidansa ba ya amfani da ko rabinsa. Dukansu biyun ba su zauna sun yi lissafi ba, alhali lissafin bai fi na cefanen mako wuya ba.

Kafin 2020 yawancinmu ba mu san Zoom ba. Kullen korona ne ya shigo mana da shi har cikin ɗaki. Sannan a Disamba 2021 gwamnatin jihar Kaduna ta fara tsarin aikin kwana huɗu, aka ce ma'aikata, ban da na makarantu da asibitoci, su yi aikin ranar Juma'a daga gida. Tun daga lokacin taro ta bidiyo ya zauna daram. Yau kwas na ƙarin girma, gobe taron kwamiti, jibi karatun islamiyya na matan aure, gata darasin yara. Duk waɗannan suna hawa layi ɗaya da fim da ƙwallo. Shi ya sa tambayar ta zama dole: gudu nawa zai ɗauki gidan nan?

Mu fara raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Data daban, gudu daban. Data ita ce ruwan da ke cikin tanki, ana auna ta da gigabait. Gudu kuwa faɗin bututun da ruwan yake bi ne, ana auna shi da megabit a sakan guda, abin da kake gani an rubuta Mbps. Kana iya samun tanki cike fal amma bututun siriri ne, idan mutum biyar suka buɗe famfo lokaci guda kowa ɗigo zai samu. Kuma a lura, megabit ba megabait ba ne. Bit 8 ne suke yin bait 1. Layin da aka ce yana da 40 Mbps, idan kana sauke fayil za ka ga yana nuna 5 MB/s, kuma ba cutar ka aka yi ba, raba 40 gida 8 ka gani.

Abu na biyu shi ne ainihin dalilin wannan rubutu. Bututun nan biyu ne, ba ɗaya ba. Akwai na shigowa, wato saukewa, akwai na fita, wato ɗorawa. Lambar da ake bugawa da manyan haruffa a talla kusan kullum ta shigowa ce. Mai kallon fim shigowa kawai yake buƙata, abin da yake fitarwa ɗan kaɗan ne. Amma mai taron bidiyo hotonsa da muryarsa fita suke yi, kowane sakan, ba hutu. Kuma bututun fita ya fi na shigowa ƙanƙanta nesa ba kusa ba, musamman a layin da ke zuwa ta iska. Dalili kuwa a fili yake. Turken sabis yana da ƙarfin wuta da manyan eriya, yana iya yi maka magana da ƙarfi. Ita kuwa rautarka ko wayarka ƙarfin aikawarta bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na wat guda ba, murya ce ƙarama da za ta ratsa bangon bulo da rufin kwano kafin ta isa turke. Ga shi kuma kamfanoni sun fi ware wa shigowa fili, tunda yawancin jama'a kallo suke yi.

Akwai kuma bambancin hali tsakanin kallo da taro. YouTube da Netflix suna ɗebo bidiyo su ajiye tun kafin ka iso wurin, kamar mai tara ruwa a randa. Idan layi ya yi tuntuɓe na sakan biyu ko uku ba za ka sani ba, daga randa kake sha. In abin ya yi tsanani su rage kyan hoton da kansu su ci gaba. Taro ba shi da randa. Maganar da shugaban taro yake yi yanzu ba a riga an yi ta ba balle a ajiye maka. Duk abin da ya makara ya tafi kenan. Saboda haka a gida ɗaya, a layi ɗaya, za ka ga masu kallo a falo suna dariya, kai kuma a ɗaki allo yana rubuta maka "Your internet connection is unstable".

To, kowane abu nawa yake ci? Kamfanonin da kansu sun wallafa abin da suke so. YouTube ya ce 1.1 Mbps ga hoton 480p, 2.5 ga 720p, 5 ga 1080p, sannan 20 ga 4K. Netflix ya ce 3 ga 720p, 5 ga 1080p, 15 ga 4K. Zoom, a taron mutane da yawa, yana son 2.6 na fita da 1.8 na shigowa idan hoton 720p ne. Idan hoto na yau da kullum ne, 1.0 na fita da 0.6 na shigowa. Murya zalla kuwa ba ta kai ko 0.1 ba. A sake duba lambobin Zoom ɗin nan: abin da yake nema na fita ya fi na shigowa yawa, wato ya fi matsa wa bututun da ya fi ƙanƙanta.

Yanzu ga yadda ake lissafin. Ba yawan mutanen gida ake ƙirgawa ba, kuma ba yawan wayoyi ba. Sa'ar da ta fi kowacce cunkoso ake nema, a rubuta abin da kowa yake yi a cikinta. A gidana wannan sa'ar tana faɗowa bayan sallar isha'i, daga ƙarfe 8:30 zuwa 9:30, a ranakun da kwas ɗina ya haɗu da karatun uwargida. Mu tara ne a gidan, na'urorin da suke hawa rauta sun kai 12, amma masu jan layi da gaske a wannan sa'ar shida ne. Na ɗauki takarda na ja layi biyu, shigowa da fita:

Ni, taron Zoom da kamara a buɗe, 720p: shigowa 1.8, fita 2.6
Uwargida, karatu a Zoom da kamara a buɗe: shigowa 1.8, fita 2.6
Talabijin na falo, ana kallon Labarina a YouTube, 1080p: shigowa 5
Babban yarona, darasin shirin JAMB a YouTube, 720p: shigowa 2.5
Ƙanena, Netflix a kwamfuta, 720p: shigowa 3
Hajiya, kiran bidiyo na WhatsApp da ƙanwata da ke aure a Jidda: na ware mata shigowa 1, fita 1
Sauran wayoyin da ke ajiye: na ware musu shigowa 2, fita 1

Layin ƙarshen nan kada a raina shi. Waya tana kan tebur, allo a kashe, amma tana sabunta manhajoji, tana sauke bidiyon da aka turo a zaurukan WhatsApp, tana tura hotuna ma'ajiya. Ba ta neman izinin kowa.

Jimilla: shigowa 17.1, fita 7.2. Amma ba a tsayawa a nan. Layin da aka cika shi maƙil ba ya tafiya lami lafiya, kamar motar haya ce da aka yi wa lodi har saman rufi, ramin farko za ta nuna maka. YouTube ma ba a hankali yake sha ba, kurɓa yake yi da ƙarfi ya tsaya, ya sake kurɓa. Don haka nake ƙara rabin jimillar a matsayin rata. 17.1 sau 1.5 ya ba da kusan 26. 7.2 sau 1.5 ya ba da kusan 11. Amsar gidana kenan: 26 na shigowa, 11 na fita, a ƙarfe 9 na dare.

Abin ya ba ni sha'awa da na tuna tsarin faɗaɗa intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025, wanda aka ƙaddamar lokacin Farfesa Isa Ali Pantami yana ministan sadarwa. Burin da aka sa a ciki shi ne gudun saukewa na 25 Mbps a birane, 10 a karkara. Ashe 25 ɗin ba lambar banza ba ce, ita ce kusan abin da gida mai mutum tara yake nema. Sai dai ko a can, lambar shigowa ce ta fi fitowa a bakin mutane.

Mataki na gaba shi ne a auna abin da layin yake bayarwa da gaske. Ni fast.com nake buɗewa, kyauta ne, na kamfanin Netflix ne. Da ka buɗe zai nuna maka lamba babba, ta shigowa. Yawancin mutane a nan suke rufewa. Ka danna "Show more info". Zai fito maka da "Upload", wato fita, sannan a ƙarƙashin "Latency" akwai lambobi biyu, "Unloaded" da "Loaded". Waɗannan jinkiri ne, lokacin da saƙo yake ɗauka ya je ya dawo, ana auna shi da milisakan, kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Na farko jinkiri ne lokacin da layi yake wofi, na biyu lokacin da aka cika shi. A kula, awon kansa yana cin data, idan layin yana da gudu yana iya lashe megabait ɗari ko fiye, don haka ba abin yi ba ne sau ashirin a rana. Kuma kafin ka auna ka sa kowa ya dakata na minti ɗaya, in ba haka ba ragowar da suka bari kawai za ka gani.

Na auna kwana uku, safe da dare, ina tsaye kusa da rautar. Bayan asuba ina samun wajen 38 na shigowa da 12 na fita. Da a nan na tsaya da na ce gidana ya wadata har da rara. Ƙarfe 9 na dare kuwa shigowa ta sauko 14, fita ta koma 3. Rauta ɗaya, wuri ɗaya, kuɗi ɗaya. Abin da ya canza shi ne maƙwabta. Turken da nake sha daga gare shi ba nawa ba ne ni kaɗai, duk wanda ke wannan ɓangaren unguwar a kamfani ɗaya da ni, tare muke rabawa. Da asuba mutane suna barci ko suna masallaci. Da dare kowa ya dawo daga kasuwa da ofis, kowa ya riƙe waya. Wanda ya san yadda Kawo take da yamma kafin a yi sabuwar gadar sama ya san abin da nake nufi: titin bai rage faɗi ba, motoci ne suka ƙaru. Cikar sandunan sabis a allon waya ma ba ta ba ka labarin wannan. Sanduna suna nuna ƙarfin da muryar turke take iso maka ne kawai, ba sa nuna mutum nawa ke layi a gabanka.

To a dubi lissafin. Ana neman 26, akwai 14. Ana neman 11, akwai 3. A shigowa muna da fiye da rabin abin da ake so, kuma masu kallo za su iya lallaɓawa tunda hoton zai rage kansa. A fita kuwa ko abin da ni da uwargida muke nema mu biyu, 5.2, bai samu ba. Nan ciwon yake. Da na bi talla na sayi tsarin da ya ninka gudun shigowa a kan wannan turken, masu kallo ne za su ji daɗi, ni kuma taro ya ci gaba da tsinkewa.

Lambar "Loaded" ta ƙara tabbatar da haka. Jinkirin layi a wofi 60 ne, amma da aka cika shi ya haura 700. Zoom yana son jinkiri kada ya wuce 150. Abin da yake faruwa shi ne, idan bututun fita ya cika, rauta ba ta zubar da abin da ya yi yawa nan take, jera shi take yi a layi. Muryarka 'yar ƙarama ce, amma dole ta tsaya a bayan bidiyon biki mai nauyi da wani yake turawa. Kamar ka je banki cire dubu biyu ka tarar da ɗan kasuwa a gabanka da buhun kuɗi ana ƙirgawa. Shi ne za ka yi magana, a yi shiru, ka ɗauka ba a ji ba ka maimaita, sai ku yi karo da wanda ya fara ba ka amsa.

Na ga wannan ƙiri-ƙiri wani dare. Ina tsakiyar gabatar da aikin rukuninmu, makin kwas ɗin kuma yana cikin abin da za a duba wajen ƙarin girma, sai murya ta fara yankewa. Na kashe makirfo na leƙa falo.

"Wa yake tura abu yanzu?"

Ƙanena ya ce, "Yaya, ni wallahi kallo kawai nake yi."

Gaskiya ya faɗa. Uwargida ce ta ce, "Maigida, ko dai wayar 'yarka ce? Ɗazu suka dawo daga kamu, ta ce za ta tura wa ƙawayenta bidiyo."

Bidiyo huɗu ne, jimillarsu wajen megabait 200. A yi lissafi: megabait 200 sau 8, megabit 1,600 kenan. A raba da 3 Mbps, ya ba da sakan 533, kusan minti 9. Minti tara bututun fita yana toshe, ko da babu kowa a kai sai ita. Ana dakatar da turawar murya ta dawo garau. Ƙanena da kowa yake zargi saboda fim, shi ba ruwansa.

Wannan ya kawo mu ga yadda ake gane inda matsala take daga alamominta. Idan kai kana ganin mutane kana jin su sarai, amma su suna cewa ka daskare ko muryarka tana karyewa, fitarka ce ta cika. Idan su suna jin ka, kai ne kake ganin su a daskare, kuma talabijin ma hotonsa ya yi dishi-dishi, shigowa ce. Idan hoto da murya suna nan amma amsa tana makara, jinkiri ne, ka nemi wanda yake ɗora abu mai nauyi. Idan kuma mutum ɗaya ne kawai hotonsa yake tsayawa, sauran suna lafiya, matsalar daga gidansa ce, ka bar rautarka ta huta. A cikin Zoom na kwamfuta, idan ka shiga "Settings" sannan "Statistics", za ka ga jinkirin da kuma "Packet Loss", wato kason abin da ya ɓace a hanya. Idan ya wuce kashi 2 cikin 100, kunne zai fara ji.

Akwai kuma gwajin da yake raba laifin kamfani da laifin cikin gida. Ka auna kusa da rauta, sannan ka tafi ɗakin da kake zama taro ka sake aunawa. Idan kusa da rauta 14 ne, a ɗaki 4, kamfani ya sauke nasa nauyin, bango ne ya cinye sauran. Gidajenmu na bulo da rodi da ƙofofin ƙarfe ba sa tausaya wa waifai. Rautoci da yawa suna fitar da suna biyu, ɗaya na 2.4 GHz ɗaya na 5 GHz, wani lokaci na biyun an rubuta 5G a ƙarshen sunansa, kuma ba shi da alaƙa da 5G ɗin kamfanonin waya. Na 5 GHz ya fi gudu, ba ya yawan karo da na maƙwabta, amma ba ya nisa. Na 2.4 ya fi ratsa bango. Wanda ya fi duka shi ne ka ja wayar kebul daga rauta zuwa kwamfutar da ake taro da ita.

Me muka yi a gidana? Kafin in ƙara ko kwabo, muka rage abin da ake nema. Talabijin ya koma 720p, daga 5 zuwa 2.5. Daga kan kujera, a allo mai inci 32, ba wanda ya yi ƙorafi. Yaro ya koma 480p, tunda allon malami da rubutu yake kallo, 1.1 kenan. Ƙanena ya koma sauke fim ɗinsa a waya da asuba lokacin da layi yake wofi, da dare ya kalla ba tare da ya taɓa layi ba. Na cire alamar "HD" a saitin kamarata, fitata ta koma 1.0. Uwargida tana rufe kamara sai lokacin da za ta yi karatu, fitarta 0.1. Wayoyi aka kashe musu sauke bidiyo kai tsaye da tura hotuna ma'ajiya, kuma aka kafa doka: ba a tura bidiyo daga 8:30 zuwa 9:30. Hajiya kuwa ba a taɓa nata ba. Wa zai je ya ce mata ta rage ganin jikokinta?

Sabon lissafi: shigowa 1.8 da 1.8 da 2.5 da 1.1 da 1 na Hajiya da 1 na wayoyin ajiye, 9.2. Da rata, 13.8. Ya shiga cikin 14, da kyar amma ya shiga. Fita: 1.0 da 0.1 da 1 da 0.3, jimilla 2.4. Da rata 3.6, kuma 3 muke da shi. Har yanzu da saura. Sai na ɗauke rautar daga bayan talabijin inda take a ƙasa, na kai ta saman taga ta ɓangaren da turke yake. Shigowa ba ta canza sosai ba, amma fita ta tashi daga 3 zuwa 5, saboda 'yar muryar nan tata ta daina faɗa da bango biyu. Daga nan lissafi ya rufe.

Ragewar nan ta taɓa aljihu ma. Ga ƙa'idar da ya kamata kowane magidanci ya haddace: 1 Mbps na tsawon awa guda yana shan kusan megabait 450, saboda sakan 3,600 a raba da 8. Talabijin a 5 Mbps yana iya shan gigabait 2.25 a awa. Awa uku a rana, kwana 30, ya haura gigabait 200 a wata, talabijin kaɗai. A 720p rabin haka ne, wajen 100. A 480p wajen 45. Wannan iyakar sama ce, abin da ake sha a zahiri yakan yi ƙasa da haka, amma girman bambancin yana nan. Akwai kuma tarko: YouTube idan an bar shi a "Auto", da ya ga layi yana da gudu sai ya ɗaga hoton da kansa. Shi ya sa wanda ya koma layi mai gudu yake rantsuwa ana sace masa data. Bututu ya ƙara faɗi, tanki kuwa yana nan yadda yake.

Ba na cewa ragewa tana maganin komai. Idan ka auna da dare ka ga fitarka ba ta kai 2 ba, ka kai rauta taga ba ta motsa ba, to turken ya cika, dabarar cikin gida ta ƙare. A nan sai a gwada layin wani kamfani, a ari na maƙwabci a auna a ɗakinka a sa'ar cunkoso kafin a saya. Ko a raba kaya: mai taro ya hau layin wayarsa shi kaɗai, a bar wa masu kallo rauta. Inda kebul na fayiba ya iso, shi ya fi tsayawa a kan lambarsa, kuma fitarsa takan fi kyau. Starlink ya shigo Najeriya a Janairun 2023, yana da gudu, amma kuɗin kayansa da na wata ba na ƙaramin ma'aikaci ba ne, kuma yana son wuta a tsaye. Akwai kuma ranar da ba lissafin da zai yi aiki, kamar 14 ga Maris 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasa gaba ɗaya ta ji a jikinta.

Duk wanda zai je sayen rauta ko sabon tsari, ya tafi da lambobinsa biyu a rubuce, ya yi wa mai shago tambaya uku. Gudun fita nawa ne? Idan an ce tsarin ba shi da iyaka, bayan gigabait nawa ake rage gudu, kuma zuwa nawa ake rage shi? Sannan za a bar ni in gwada a gidana da ƙarfe 9 na dare? Ta biyun tana da muhimmanci, domin tsarin da ake mayar da shi 1 ko 2 Mbps bayan an cinye wani kaso, ba zai ɗauki taro ɗaya da talabijin ɗaya ba, komai girman lambar da ke jikin kwali.

'Yan Hayin Banki, Kawo, Unguwar Dosa da Badarawa, wanda ya auna nasa da dare ya faɗa mana shigowa da fita da unguwarsa, ko ma san inda kowane layi ya fi ƙarfi kafin wani ya zubar da kuɗinsa. Allah Ya yi wa nemanmu albarka, Ya sa mu fi ƙarfin buƙatunmu.